Katangar tare ƙasa a yammacin Accra: yadda auna saurin igiyar girgiza ya sauya lissafinta

Asalin lamarin, farkon 2018

Wurin da ake magana a kansa fili ne a gindin wani tudu da ke yammacin Accra, ta wajen Weija, yankin da mazauna Ghana suka daɗe da sanin cewa ƙasarsa takan motsa. Girgizar ranar 22 ga Yuni 1939, wadda ƙarfinta ya kai kimanin 6.5, ta kashe mutum 17 a Accra da kewaye, kuma tun daga lokacin ƙananan girgiza ba su daina ziyartar wannan ɓangare ba. Mai filin ya so ya gina ajujuwan makaranta, amma da yake wurin gangare ne, sai aka yi ciko domin a sami shimfiɗaɗɗen fili, aka kuma tare cikon da katangar kankare mai rodi.

Tsayin katangar daga ƙasan tushenta zuwa samanta mita 6 ne. Faɗin tushen mita 4, kuma mita 2.8 daga ciki suna kwance a ƙarƙashin cikon, ta yadda nauyin ƙasar da ke kansu shi ne yake danne katangar ya hana ta zamewa. Idan aka haɗa kankaren da wannan ƙasa, kowace mita ɗaya ta tsawon katangar tana da nauyin kilonyutan 400, wato kimanin tan 40. An kammala ta kafin daminar 2018, an kuma kafa turakun shata ajujuwan a nisan mita 7 daga bayanta, amma ba a fara haƙa harsashinsu ba.

Wanda ya tsara katangar bai manta da girgizar ƙasa ba. Ya bi ƙa'idar Turai ta Yurokod 8, ya ɗauki 0.20 na ƙarfin jan duniya a matsayin girgizar da za ta iya taɓa dutse a wurin. Da ya ga duwatsu sun fito fili a saman tudun, sai ya sa filin a rukunin A, wato dutse, inda ba a ƙara komai a kan girgizar. Ya kuma ɗauka cewa katangar tana da damar zamewa kaɗan ba tare da ɓarna ba, abin da ya ba shi izinin raba ƙarfin girgizar biyu.

Tsagewar da aka gani, Disamba 2018

Ranar 9 ga Disamba 2018 aka ji ƙaramar girgiza a wannan yanki. Kwana biyu bayan haka mai gadin filin ya nuna wa mai wurin wata tsaga a saman cikon, tana bin tsawon katangar a nisan kamar taku huɗu daga bayanta, faɗinta ya isa a zura yatsa. Kowa ya ɗora laifin a kan girgizar, kuma a kan haka aka kira mu, injiniyoyi, mu duba.

Abin da muka fara yi shi ne leƙa cikin tsagar. Gefunanta ba su da kaifi, ruwa ya riga ya cinye su, kuma a wani wuri busasshiyar ciyawa ta yi saiwa a ciki, alamar cewa ta buɗe tun cikin damina. Da muka sa igiya da ma'aunin tsaye a fuskar katangar, ba mu sami karkatar da ta wuce abin da aka saba gani a aikin kafinta ba. Ramukan fitar da ruwa kuwa, da muka zura rodi a cikinsu, yawancinsu a toshe suke da laka, domin ba a sa tsakuwa a bayansu ba. Tsagar dai ta zaman ciko ce wanda ba a daddaɓe shi da kyau ba, ruwan sama ya shige shi ya lotsa. Aka rubuta haka, aka kafa ƙusoshin awo guda shida a saman katangar domin bin motsinta. Sai dai da yake takardun lissafi suna hannunmu, mai wurin ya nemi mu duba ɓangaren girgizar ƙasa ma kafin ya zuba kuɗi a ajujuwan.

Ƙoƙarin farko na gane rukunin ƙasa, Janairu zuwa Fabrairu 2019

Girgiza ba ta isa saman ƙasa yadda ta baro dutse. Idan ta ratsa ƙasa mai taushi, saurinta yakan ragu, kaɗawarta kuma ta ƙaru, kamar yadda kunu a ƙwarya yake tangaɗi fiye da ƙwaryar da aka girgiza. Igiyar da ta fi yin ɓarna ita ce mai kaɗa ƙasa a gicciye yayin da take haurowa sama, kuma saurinta, wanda ake rubutawa Vs, shi ne ma'aunin taurin ƙasar. Yurokod 8 ta raba ƙasa bisa matsakaicin wannan sauri a mita 30 na sama, wato Vs30: abin da ya haura mita 800 a daƙiƙa rukunin A ne, daga 360 zuwa 800 rukunin B, daga 180 zuwa 360 rukunin C, ƙasa da 180 kuma rukunin D. Ba a yarda da rukunin A ba sai idan ƙasa mai taushi da ke kan dutsen ba ta wuce mita 5 ba.

Rahoton binciken ƙasa na asali yana da ramuka biyu kawai, dukansu sun tsaya a mita 8 ba tare da sun taɓa dutse ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe rukunin A, amma bai gaya mana rukunin da ya dace ba. Muka gwada fitar da sauri daga ƙidayar bugun guduma da aka yi a ramukan, gwajin da ake kira SPT, inda ake ƙirga bugu nawa ake yi kafin bututu ya nitse santimita 30. Hanyar ba ta yi ba. A wasu zurfafan bututun ya ci karo da tsakuwar da ta gangaro daga tudu, ƙidayar ta yi tsalle ta nuna tauri inda babu shi, kuma ko da ƙidayar ta yi daidai, babu abin da za ta faɗa game da mita 22 da ba a haƙa ba.

Daga nan aka ɗauko masu awon MASW, hanyar da ake jera na'urorin sauraron motsin ƙasa a layi, a buga guduma a kan farantin ƙarfe, a karanta yadda igiyoyin saman ƙasa suke tafiya. Igiyoyi masu dogon zango suna ratsa ƙasa mai zurfi, masu gajeren zango kuma suna tsayawa a sama, daga bambancin saurinsu ake fitar da saurin kowane hawa. A gwajin farko an jera na'urori 24 da tazarar mita ɗaya, da rana tsaka, manyan motocin yashi suna wucewa a titin ƙasa. Layin da bai kai mita 25 ba ba ya ganin abin da ya wuce kimanin mita 12, saboda haka sakamakon ya ƙare daidai inda ake buƙatarsa. Na'urar lissafi ta zana layi har mita 30, amma abin da ke ƙasan mita 12 ƙiyasinta ne, ba awo ba, kuma muka ƙi karɓarsa.

Awon da ya tsaya, Maris 2019

A karo na biyu an shimfiɗa layin a gaban katangar, a kan ƙasar asali, da tazarar mita 3 tsakanin na'urorin, tsawonsa ya kai mita 69, aka kuma yi aikin bayan sallar asuba kafin motoci su fito. An haƙa sabon rami ɗaya har cikin dutse, aka zura na'ura a ciki ana bugun katako a sama ana auna lokacin isowar igiyar a kowace mita. Hanyoyin biyu sun yi kusa da juna, kuma ga abin da suka nuna: mita 4 na sama ƙasa ce mai taushi da saurin mita 160 a daƙiƙa, daga mita 4 zuwa 13 yashi ne mai haɗe da yumɓu da saurin 230, daga nan zuwa ƙasa kuma dutse ne da saurin 950.

A nan aka sami saɓani na farko. Wani daga ɓangaren ɗan kwangila ya ninka kowane sauri da kaurin hawansa, ya haɗa, ya raba da 30, ya sami 629, ya ce ƙasar tana tsakiyar rukunin B. Ba haka ake lissafin ba. Abin da ake haɗawa shi ne lokacin da igiyar take ɗauka kafin ta ratsa kowane hawa, domin hawa mai taushi, ko da siriri ne, shi yake cinye yawancin lokacin tafiyar:

```
Vs30 = 30 / (4/160 + 9/230 + 17/950)
     = 30 / 0.0820 = 366
```

Wannan adadi ma yana cikin rukunin B, amma da ƙyar, da ratar mita 6 a daƙiƙa, wadda ba ta kai kuskuren awon kansa ba. Da an tsaya a nan, da an ninka girgizar da 1.2 an wuce. Sai dai duk wanda ya dubi jerin hawan zai ga cewa babu ko taki ɗaya na ƙasar wurin da ke da saurin 366. Adadin ya fito ne daga gauraya abubuwa biyu da ba su da kama: mita 13 masu taushi waɗanda matsakaicin saurinsu 203 ne, da dutsen da ke ƙarƙashinsu. Yurokod 8 ta ware wa irin wannan tsari rukuni na musamman, rukunin E, wato ƙasa mai saurin rukunin C ko D, mai kauri tsakanin mita 5 da 20, kwance a kan abin da saurinsa ya haura 800. A irin wannan wuri igiyar takan shiga ƙasa mai taushi ta riƙa kai da komo tsakanin dutse da sama, kaɗawar ta taru a wani zango guda.

Ana iya ƙiyasta wannan zango da ninka kaurin ƙasar sau huɗu a raba da saurinta, wanda a nan ya ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, wato kaɗawa huɗu a daƙiƙa. Domin tabbatarwa, aka ajiye na'ura guda a ƙasa ta saurari ƙananan motsin da ke nan kullum na tsawon rabin awa, aka kwatanta motsin gefe da na sama da ƙasa. Tsinin ya fito a kusa da huɗu a daƙiƙa. Da yake girgizar 1939 ta nuna cewa yankin yana iya samun mai ƙarfi fiye da 5.5, muka yi amfani da jadawalin manyan girgiza, inda rukunin E yake ninka girgizar da 1.4. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana can mita 9, yumɓun da ke cikin yashin kuma yana da yawa, don haka binciken narkewar yashi, wato yadda yashi mai jiƙe da ruwa kan koma kamar ruwa lokacin girgiza, bai nuna haɗari ba.

Sabon lissafin katangar, Afrilu 2019

Hanyar da aka saba bi wajen lissafa turin ƙasa lokacin girgiza ita ce ta Mononobe da Okabe, injiniyoyin Japan da suka tsara ta bayan girgizar Kanto ta 1923. Tana ɗaukar gutsuren ƙasar da ke neman zamewa a bayan katanga, ta ƙara masa turi na gefe daidai da wani kaso na nauyinsa. Wannan kaso, kh, ana samunsa haka:

```
kh = α · S / r
```

A nan α ita ce girgizar dutse, S ninkin rukunin ƙasa, r kuma rangwamen da ake bai wa katangar da za ta iya zamewa. Mai tsarin farko ya sa 0.20 da 1.0 da 2, ya sami 0.10. Cikon yana da nauyin kilonyutan 19 a kowane dunƙule mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi, kusurwar gogayyarsa digiri 32. Ba tare da girgiza ba, turinsa a kan kowace mita ta katanga kilonyutan 105 ne, da kh na 0.10 kuma ya zama 126. Gogayyar tushe da ƙasa, wadda aka ɗauka 0.55 na nauyi, tana ba da riƙon 220, don haka takardarsa ta nuna rata mai yawa. Domin sauƙin bi, alƙaluman da ke nan ba su haɗa da girgizar sama da ƙasa ba, ko da yake an gwada ta ta fuskoki biyu a cikakken lissafin.

Abu biyu suka sauya. Na farko, takardar ba ta lissafa cewa katangar kanta da ƙasar da ke kan tushenta suna da nauyi, kuma girgiza tana tura su gaba kamar yadda take tura cikon. Na biyu shi ne batun r, kuma a kansa aka fi daɗewa ana muhawara. Idan aka bar r a 2 tare da rukunin E, kh ya zama 0.14, turin ƙasa 135, turin nauyin katanga 56, jimla 191, wanda riƙon 220 ya fi shi. Ɗan kwangila ya tsaya a kan wannan. Amma rangwamen ba kyauta ba ne: ƙa'idar ta ce ana ba da shi ne ga katangar da za ta jure zamewa har milimita 300 a ninka da α da S, wato milimita 84 a nan. Babban bututun ruwan makarantar yana binne a cikin cikon, yana ratsa katangar, kuma ajujuwan yara za su zauna a bayanta.

Da muka zana layin da ƙasar za ta tsage, sai maganar ta ƙare. Ba tare da girgiza ba, layin yana tashi daga ƙarshen tushe da kusurwar digiri 61, ya fito sama a nisan mita 3.3. Da cikakkiyar girgiza kuwa yana kwantawa zuwa digiri 46, ya fito a mita 5.8. Turakun ajujuwan suna mita 4.2 daga ƙarshen tushen, wato a waje suke a ranar lafiya, amma a ranar girgiza harsashin ginin yana cikin gutsuren da zai motsa. Aka amince da r na 1, kh ya zama 0.28. Turin ƙasa ya hau 175, turin nauyin katanga 112, jimla 287 a kan riƙon 220. Lanƙwasar da za ta faɗa wa gindin jikin katangar ma ta ninka ta ranar lafiya fiye da sau biyu, kuma rodin da ke ciki bai kai ba.

Gyaran da aka ƙi da wanda aka yi, Mayu 2019 zuwa Fabrairu 2020

Shawarar farko ita ce a ƙara wa katangar kauri da kankare ta gaba, domin a idon mai wurin katanga mai nauyi ita ce mai ƙarfi. Lissafi ya nuna iyakar wannan. Kowane kilonyutan da aka ƙara yana kawo riƙon 0.55, amma yana kawo turin girgiza 0.28, ribar 0.27 ce kawai. Domin cike giɓin 67 sai an ƙara kusan 250 a kowace mita, fiye da ninki biyu na duk kankaren da ke cikin katangar. Shawara ta biyu, ɗaure katangar da igiyoyin ƙarfe zuwa dutse, ta faɗi saboda nisa, domin kowace igiya za ta haura mita 30 kafin ta kama.

Abin da aka yi shi ne rage abin da katangar take ɗauka. Turin ƙasa yana tafiya ne da tsayi a ninka da kansa, don haka aka kwashe mita 1.5 na saman cikon a faɗin mita 8 daga bayan katangar, aka bar gangare mai sauƙi daga nan zuwa filin sama, aka kuma ja ajujuwan baya zuwa mita 12. Turin ƙasa ya sauko daga 175 zuwa 98, lanƙwasar gindi kuma ta koma kusan wadda aka tsara rodin dominta tun farko. Amma kwashe ƙasar ya rage nauyin da ke danne tushe zuwa 320, riƙon ya zama 176 a kan jimlar turi 188, wato har yanzu da saura. Ragowar aka ɗora a kan turakun kankare masu kaurin santimita 45 da zurfin mita 5, waɗanda aka haƙa a gaban tushen da tazarar mita 2, aka haɗa kawunansu da katakon kankare da ke manne da shi. An tsara kowane turke ya ɗauki turin gefe na kimanin kilonyutan 65, abin da ya sa riƙo ya fi turi da kusan kashi 11 cikin ɗari.

An yi haƙan ne bayan ƙaramar damina ta wuce. A lokaci guda aka tone bayan katangar sashe sashe, aka sa tsakuwa da yadin tace ruwa da bututu mai huji, domin duk lissafin da ke sama ya dogara ne a kan ciko marar ruwa. Bututun makarantar kuma aka sa masa mahaɗa mai lanƙwasa a inda yake ratsa katangar.

Bayan aiki, da hukunci

A daren 24 ga Yuni 2020, cikin damina, an sake jin girgiza a Accra, mai ƙarfin kimanin 4. Da aka auna ƙusoshin shida washegari, babu wadda ta motsa fiye da kuskuren na'urar awo, kuma ramukan ruwa suna zuba. Wannan ya nuna magudanar tana aiki, amma ba zan kira shi shaidar ƙarfin katangar ba, domin irin wannan girgiza ba ta kusa da wadda aka yi lissafi dominta ba.

A ganina, kuskuren da ya fi nauyi a tsarin farko shi ne ɗaukar rukunin ƙasa daga abin da ido ya gani a saman tudu, alhali ramukan da ke cikin rahotonsa sun riga sun musanta shi. Amma idan aka auna da adadi, sauya rukuni daga A zuwa E ya ƙara kh da kashi 40 cikin ɗari ne, janye rangwamen zamewa kuwa ya ninka shi biyu, kuma barin nauyin katangar a waje ya ɓoye turin da ya kai kusan kashi biyu cikin biyar na jimlar. Ita ma hanyar Mononobe da Okabe tana da iyaka: ta ɗauka cewa ciko busasshe ne, marar danƙo, kuma duk yana kaɗawa lokaci ɗaya, kuma gwaje-gwajen baya-bayan nan sun nuna tana iya wuce gona da iri idan girgizar ta yi ƙarfi sosai. A katanga mai mita 6 da kh na 0.28 mun ga ya dace a bi ta yadda take. Mai wurin ya rasa faɗin mita 5 na filin da ya so ginawa, kuma mita 8 da aka rage wa tsayi an rubuta a takardar mallakar aikin cewa ba za a ɗora musu gini ko tankin ruwa ba, sai dai ciyawa da wurin wasan yara.